Zan ɗauki yaron shago karo na farko, me zan rubuta a takarda?

Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a kasuwar Singa nan Kano, ina sayar da kayan masarufi a sari, sukari da fulawa da taliya da man girki, ina kuma da ɗan ƙaramin sito a bayan layinmu. Shekara biyar ni kaɗai nake fama, sai 'yan dako in lodi ya zo. Yanzu abin ya fi ƙarfina, in na tafi sito shago a rufe, in na tsaya a shago kaya na can na jirana. Ina so na ɗauki mutum ɗaya da albashi. Wani abokina ma'aikacin banki yace kar na kuskura na ɗauki kowa sai na rubuta bayanin aikin da kuma irin mutumin da nake nema. Na zauna na rubuta "ana neman yaro mai amana da tsoron Allah wanda zai taimaka a shago" daga nan na rasa me zan ƙara. Ga kuma Yayata ta matsa lallai sai na ɗauki ɗanta da ya gama sakandare yana zaune a gida. Dan Allah me ake rubutawa, kuma ya zan yi da maganar yaron nan?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a nema.

Abin da ya sa biro ya tsaya maka shi ne ka fara da mutum alhali aikin da kansa baka tantance shi ba. Takardu biyu ne, kuma ɗaya ce take haifar ɗaya. Ta farko tana faɗin menene aikin, ko da waye zai yi shi. Ta biyu tana faɗin wane irin mutum ne zai iya wannan aikin da aka rubuta a ta farkon. In ka juya su, abin da zai fito shi ne jerin kyawawan halaye da babu wanda zai zo gabanka yace bashi da su, kowa mai amana ne ranar neman aiki.

Toh ka ajiye maganar yaro a gefe tukuna, ka sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihu na sati ɗaya, daga Asabar zuwa Alhamis ko yadda ranakun kasuwarka suke. Duk abin da ka yi da hannunka ka rubuta shi da lokacin da ya ci maka. Ba a dunƙule ba, kar ka rubuta "harkar sito", ka rubuta ƙarfe goma da rabi na tafi sito na tsaya aka sauke fulawa buhu 60, na ƙirga, na sallami 'yan dako, minti 50. Ka rubuta na kira mutum huɗu masu bashi, na rubuta rasit, na jira alat ya shigo kafin na saki kaya, na raka mai kurkura zuwa tasha da kayan kwastoman Gumel, na je na biya kuɗin kaya a wajen dila. Har share gaban shago da buɗe kwaɗo ka sa. In sati ya cika ka zauna da dare ka bi layi-layi kana tambayar kanka abu ɗaya: wannan in wani ne ya yi shi ba ni ba, me zan rasa? Zaka ga sun rabu da kansu. Akwai waɗanda in ba kai ba babu mai yi, kamar ciniki da dila, yanke farashi, da yanke wa za a ba bashi. Akwai kuma waɗanda suke cinye maka rabin yini alhali duk mai hankali da ya iya ƙirga zai yi su. Waɗannan na biyun su ne aikin da kake ɗaukar mutum a kansa, ba wani abu ba.

A nan ne zaka gano cewa "yaron shago" ba aiki ɗaya ba ne. Mai tsaron kanti yana karɓar kwastoma da kuɗi aiki ne daban. Mai kula da sito da shiga da fitar kaya aiki ne daban. Mai yawo yana kai kaya yana karɓo bashi shi ma daban. Kowanne da irin mutumin da yake buƙata, mai bakin ciniki sau da yawa ba shi ne mai haƙurin ƙirga katan ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Daga yadda ka bayyana halinka, ni a ganina mai kula da sito kake buƙata, wanda zai riƙa tsaya maka a shago na ɗan lokaci in ka fita. Dalilina kuwa shi ne kwastomominka kai suka sani, fuskarka ce jarin, kuma kuɗi yana hannunka. Ka bar shi haka.

Ina so na daɗe a kan wannan don shi ne inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi shan wuya. Abu uku ne a shago irin naka: kaya, kuɗi, da littafi. Muddin ukun nan suka taru a hannun mutum ɗaya, wato shi zai fitar da kaya, shi zai karɓi kuɗin, shi kuma zai rubuta, to babu wata hanya da zaka bi ka gane gaskiyar abin da ya faru, ko da kuwa bai ci ko kwabo ba. In aka samu giɓi ba zaka iya cewa sata ce ko kuskure ba, shi ma ba zai iya wanke kansa ba, daga nan sai zargi, daga zargi sai gaba. Don haka takardar aikin ta raba su tun farko: kaya a hannunsa, kuɗi a hannunka, littafi kuma biyu, nasa na sito da naka na ciniki, kullum da yamma a haɗa su a gani ko sun yi daidai. Wannan kariya ce gare shi kamar yadda take kariya gare ka, kuma ka faɗa masa haka da bakinka.

Yanzu ga yadda takardar farko zata kasance, shafi ɗaya ya isa, da Hausa, kar ka wahalar da kanka da Turanci. A sama sunan aikin, mai kula da sito da taimakon shago, da sunan wanda yake ƙarƙashinsa, wato kai kaɗai. Wannan layin kar ka raina shi, domin in baka rubuta ba gobe ƙaninka zai aike shi, maƙwabcin shago zai aike shi, a gida ma a ce ya biya ya kai cefane, ka neme shi a sito ka rasa kuma baka da bakin magana. Sai jimla ɗaya da take faɗin dalilin aikin, misali: ya tabbatar duk kayan da ya shiga sito da wanda ya fita an ƙirga an rubuta, kuma abin da ke littafi shi ne abin da ke ƙasa.

Daga nan sai ayyukan, kuma kowanne a rubuta shi yadda za a iya duba an yi ko ba a yi ba. "Kula da sito" ba a iya duba shi. Amma in ka rubuta cewa zai buɗe sito ƙarfe takwas da rabi, zai ƙirga duk lodin da ya zo a gaban direba kafin ya sa hannu a takardar kaya, zai ware buhun da ya fashe ko katan ɗin da ya jiƙe ya ɗauki hoto ya turo maka nan take, ba zai fitar da ko katan ɗaya ba sai da rasit mai sa hannunka ko saƙonka a WhatsApp, zai jera kaya yadda wanda ya riga shigowa shi zai riga fita saboda kar fulawa ta kwana a ƙasa ta yi ƙwari ko taliya ta wuce kwanan watanta, zai ɗora buhuna a kan katako ba a kan siminti ba, kullum kafin a tashi zai kawo littafin sito ku haɗa da na ciniki, duk ranar Alhamis kuma ku ƙirga sito gaba ɗaya tare, kaga wannan kowa ya karanta ya san me ake nufi. Guda bakwai ko takwas sun isa. In ka ga sun haura goma sha biyar to aikin mutum biyu ka rubuta, ka koma ka rage.

Akwai layin da mutane suke so su sa a ƙarshe, "da duk wani aiki da maigida ya sa shi". Sa shi ba laifi amma ka ɗaure shi, ka ce aikin da ya shafi shago da sito. Wankin mota da kai yara islamiyya basa ciki. In kana so ya yi su, ka faɗa tun yanzu ka kuma biya a kai.

Sai ɓangaren da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma shi ne wanda kusan kowa yake mantawa: iyakar ikonsa. Me zai iya yankewa shi kaɗai in baka nan, me kuma sai ya kira ka? Ka ɗauka ka tafi wajen dila ƙarfe sha ɗaya, ga tsohon kwastomanka ya zo yana son taliya katan 20, yace ai kullum Alhaji yana rage min ɗari biyu a katan, kuma zan biya rabi yanzu rabi ran Laraba. Yaron nan me zai yi? In ya hana, kwastoma ya yi fushi ya tsallaka shagon gaba ka dawo ka yi masa faɗa. In ya bayar, ka dawo ka ce wa ya sa ka. Duk inda ya bi ya yi laifi, kuma laifin ba nasa ba ne, na takardar da bata faɗa ba ne. Don haka ka rubuta ƙarara. Farashi shi ne wanda ka rubuta masa da safe, ragi bai wuce kaza a katan ba, ka sa adadin. Bashi baya bayarwa sam a wata ukun farko, bayan nan sai ga sunayen da ka lissafa masa kuma kowanne da iyakarsa. Kuɗi baya shiga asusunsa na kansa ko da netwok ya ɗauke, asusun shago ko POS ɗin shago kawai. Kaya basa fita a kan hoton rasit ɗin taransfa da kwastoma ya nuna a wayarsa, sai kai ka tabbatar kuɗin sun shigo, domin alat na bogi ya ci shaguna da yawa kuma sabon yaro ake nema da shi. Kuɗin sallamar 'yan dako ka ba shi wani adadi sananne da safe ya kawo lissafi da yamma. Makullin sito guda nawa ne, wa yake riƙe da wanne, shi ma a rubuta.

Zaka gane ko wannan ɓangaren ya yi kyau cikin sati biyu. In wayarka bata hutawa, yana kiranka a kan komai har canjin naira ɗari biyar, iyakar ta yi masa ƙunci ko bata fito fili ba. In kuma shiru kake ji baya kira ko kaɗan, kar ka ji daɗi da wuri, ka buɗe littafin bashi ka duba ko akwai sunayen da baka sani ba. Wata alamar kuma ita ce a fara ɗage ƙirgar ranar Alhamis, yau an gaji, wancan satin kaya sun yi yawa. Sau da yawa ma maigidan ne yake fara ɗagewa, ba yaron ba.

Ƙasan takardar sai sharuɗɗa: lokacin zuwa da tashi, ranar hutu, albashi nawa da ranar biya, kuɗin abinci da na mota ko suna cikin albashi ko daban, da wata uku na gwaji. Kafin ka rubuta adadi ka yi lissafin abin da zai ci maka da gaske. Mu ce albashi dubu 60, abinci 1,500 kullum sau kwana 26 ya zama dubu 39, katin waya dubu 3, jimla dubu 102 a wata. In ribar da kake samu a katan mu ce naira 400 ce, sai ka sayar da katan 255 kafin ka biya shi kawai. Ka sa naka alƙaluman na gaskiya a wurin nawa, in lokacin da zai 'yantar maka ba zai kawo cinikin da ya wuce haka ba, ka fara da mai zuwa rabin yini ko ranakun lodi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 dubu 70 ne, dokar bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba, amma shi ne ma'aunin da yaron zai riƙa kallo, kuma wanda ka damƙa wa sito mai kayan miliyoyi kana biyansa abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba, kai ka buɗe ƙofar da kanka.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ma tana da abin cewa a nan, kuma bata ware ƙaramin shago ba. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai ɗauke da irin aikin, albashi da yadda ake biyansa, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Wa'adin kuwa kwana ɗaya ne in bai wuce wata uku ba, sati ɗaya in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Yana da hutun kwana ɗaya a kowane bakwai, da hutun shekara aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa in ya cika wata 12. Kuma cire giɓi daga albashi ba abu ne da maigida zai yi gaban kansa yadda ya ga dama ba, doka ta ƙuntata shi sosai. Shi ya sa nake cewa ka dogara da ƙirga da wuri, katan biyu da aka gano yau ana iya bin sawunsu, katan arba'in da aka gano bayan wata shida sai rigima.

Abu ɗaya kuma da za a fayyace: albashi ne ko yaron gida ne? A kasuwanninmu an saba da yaro ya zauna da ubangida shekaru, ana ci da shi ana tufatar da shi, ranar da ya isa a sallame shi da jari ko a buɗe masa shago. Wannan tsari ne mai kyau a inda aka yi shi da gaskiya. Matsalar ita ce kai kana lissafin albashi kake biya shikenan, shi da iyayensa kuma suna lissafin shekarun da suka rage a sallame shi. Ka rubuta wanne ne. In babu alkawarin jari ka ce babu, a gaban shaida.

Toh yanzu ne aka zo takarda ta biyu, kuma zaka ga ta yi sauƙi domin daga ta farko zaka ciro ta. Ka bi kowane aiki ka tambaya, me mutum yake buƙata kafin ya iya wannan? Ƙirgar lodi da haɗa littafi na buƙatar lissafi, tarawa da ɗebewa da ninkawa ba tare da ruɗewa ba. Rubuta rasit na buƙatar rubutun da wani zai iya karantawa, da karanta sunan kaya da kwanan wata a jikin katan da Turanci. Buɗe sito takwas da rabi na buƙatar mazaunin da ba nisa, wanda zai taso daga Fagge ko Kurna ba ɗaya yake da mai tasowa daga wajen gari ba, kuɗin mota kaɗai zai cinye albashin. Tsayawa a kan lodi na buƙatar lafiya da juriyar tsayuwa a rana da ƙura. Hana kaya fita ba rasit kuma na buƙatar wanda zai iya kallon dattijon da ya haife shi yace Baba ka yi haƙuri sai Alhaji ya tabbatar, cikin ladabi amma ba tare da ya lanƙwasa ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar samu, domin tarbiyyarmu ta kunya ce, yaro nagari ma yana iya sakin kaya don kawai ya kasa cewa babba a'a.

Ka raba su gida biyu, na dole da na in an samu. Na dole su ne waɗanda in babu ɗaya daga ciki ba za a ɗauka ba ko ɗan waye, kuma kar su wuce biyar ko shida, ka haɗa da cewa ya kai shekara 18. Na in an samu su ne irin ya taɓa zama a shagon sari, ya iya POS, ya iya Excel a waya, ya iya tuƙa babur, yana jin Turanci ko wani yare na kwastomominka. Waɗannan ana koyonsu a wata guda ko ana rayuwa ba su. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko na in an samu a mayar da shi dole, ka ga an rubuta sai mai difloma ko digiri a kan aikin ƙirga buhu. Mai digiri zai zo don babu aiki, amma idonsa na kan hanya, ranar da aka kira shi wani wuri ya tafi ka koma farko. Shaidar sakandare ma ni ba zan sa ta a dole ba, akwai masu ita da basa iya haɗa lissafin katan bakwai, akwai kuma wanda allo da kasuwa kawai ya yi amma lissafi a kansa yake. Abin da zai iya yi kake nema, ka gwada shi a kai.

Ƙa'idar ita ce duk abin da ka sa a dole sai ka rubuta a gefensa yadda zaka gane. Lissafi, ka ba shi takarda da biro da kalkuleta ka ce kwastoma ya ɗauki taliya katan 7 a kan 18,500, sukari buhu 3 a kan dubu 80, ya tura dubu 300, kuma dama ana binsa tsohon bashi dubu 45, nawa ya rage a kansa? Kayan sun kama 369,500, saura 69,500, a haɗa da tsohon bashi ya zama 114,500. Ka lura ko ya manta da tsohon bashin, nan ne ake faɗuwa. Sai na sito: da safe akwai katan 120, an kawo 50, an fitar da 83, nawa ya kamata a samu? 87. Sai ka ce masa to mun ƙirga mun samu 85, me zaka yi? Amsar wannan ta fi lissafin muhimmanci. Wanda yace zan sake ƙirgawa, in duba rasit ɗin yau ɗaya bayan ɗaya, in ban gani ba in faɗa maka kafin a tashi, shi kake nema. Wanda yace zan cika da kuɗina in yi shiru, niyyarsa mai kyau ce amma zai riƙa ɓoye maka matsala, sai ka koya masa. Wanda yace ai biyu ba komai ba ne, ka sallame shi da kuɗin mota. Bayan nan ka kai shi sito na yini ɗaya ko biyu ranar da lodi zai zo, ka biya shi ladan yinin, ka tsaya gefe ka ga ko yana ƙirgawa da kansa ko yana karɓar abin da direba ya faɗa.

Amana kuma fa? A Suratul Ƙasas aya ta 26 an haɗa siffa biyu ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kuma duka biyun ake so tare. Iyawa ana ganinta a gwajin da na faɗa. Amana ba a ganinta a fuska ko a tabon sallah, tarihinta ake bi. Ka nemi inda ya taɓa zama, ka taka da ƙafarka ka je wajen tsohon maigidansa, kar ka tsaya a waya, ka yi masa tambaya ɗaya: in ya dawo yau zaka ba shi makullin sitonka? Yadda ya yi jim kafin ya amsa ma amsa ce, don mutanenmu basa son ɓata yaro da baki. In bai taɓa aiki ba, malaminsa ko mai unguwarsu. Sai masu tsaya masa mutum biyu, ɗaya ba ɗan gidansu ba, su san adadin dukiyar da za a damƙa masa kafin su sa hannu, ka karɓi kwafin katin NIN nasa da nasu, ka san gidan da yake kwana. Kwafi nace, kar ka riƙe ainihin takardun makarantar mutum a matsayin jingina, zalunci ne kuma baya hana ɓarna.

Maganar ɗan Yaya kuma, kar ka ce mata a'a kuma kar ka ce to. Ka kai mata takardun biyu har gida bayan ka gama rubuta su, ka karanta mata da kanka, lokacin zuwa, ƙirgar Alhamis, hana bashi, albashi, wata ukun gwaji, ka ce Yaya wannan shi ne aikin kuma duk wanda zai shiga sai ya bi ta gwajin nan, ina so shi ya fara yi kafin kowa. Kaga ka girmama ta, kuma ba kai kake yanke hukunci ba, sharaɗin da aka shimfiɗa kafin a ambaci sunan kowa ne. Yana iya cinyewa, in ya cinye ka samu na gida wanda ya iya, alhamdulillahi. Amma ko ya cinye ka ƙara mata tambaya ɗaya a gaban mijinta ko wani babba a gidanku: in wata uku suka cika na ga bai dace ba na sallame shi, zumuncinmu zai taɓu? In ta kasa ba ka amsa kai tsaye, kar ka sa shi a sito. Kuma shi ma sai ya kawo mai tsaya masa wanda ba kai ba ba ita ba, domin ɗan'uwa ne ya fi wuyar tuhuma in lissafi ya ƙi haɗuwa, kuma kwastomomi da dangi sun fi samun fuskar karɓar bashi a wajensa.

In bai ci gwajin ba, akwai hanyar taimakonsa da bata bi ta makullin sito ba. Ka ce ya riƙa zuwa ranakun lodi kana biyansa na yini yana koyon ƙirga a gefen wanda ka ɗauka, ko ka ba shi katan biyar na taliya a farashin sari ya kai wa masu kantin unguwarsu ya dawo da uwar kuɗi ya riƙe riba, in ya dawo da su daidai sau uku sau huɗu ka ƙara masa zuwa goma. Takardun kuma ku sa hannu a kwafi biyu, ɗaya a wajenka ɗaya a wajen wanda ka ɗauka, ranar da wata uku suka cika ku zauna ku sake karanta su tare, abin da ya shigo cikin aikin wanda ba a rubuta ba a ƙara shi, in nauyin ya ƙaru sosai albashin ma a duba shi a zaman.